Yadda ake jera sunan uba da kaka a Larabci

Da farko ka rubuta sunan mutumin, misali Umar. Sai ka sa ibn, wato ɗa, ka biyo da sunan uba: Umar ibn al-Khattab. Ka ƙara wani ibn ɗin kafin sunan kaka: Umar ibn al-Khattab ibn Nufail. Bin da ibn abu ɗaya ne, alif ne kawai ke faɗuwa a rubutu tsakanin sunaye biyu.

In mace ce, bint za ka sa, amma sau ɗaya tak: Hafsa bint Umar ibn al-Khattab. Nan ake yawan tuntuɓe. Ibn ɗin nan na Umar ne, shi ne ɗan Khattab, ba Hafsa ba. In sunan uba da Abu ya fara, mayar da shi Abi: Ali ibn Abi Talib.