Yadda za ka mayar da takarda PDF, ka sa hannu a waya

Makon jiya wani maƙwabcinmu a Sabon Zango, nan Kumasi, ya so aika takardar hayar shagonsa zuwa Ankara. Da waya kawai muka gama.

Ka fara shimfiɗa takardar a kan tebur mai duhun launi, kusa da taga. Idan teburin fari ne, wayar ba ta gane gefen takardar sosai. Ka goge gilashin kyamara da bakin riga, ka kashe filasha, domin ƙyallinta yakan cinye tambari.

A Android, buɗe Google Drive, taɓa alamar kyamara. Riƙe wayar daidai saman takardar, kada ta karkace. Bayan ta ɗauka, ja kusurwoyi huɗun su hau bakin takardar. Shafi biyu ne? Ƙara na biyun kafin ka taɓa Save, in ba haka ba fayil biyu za ka samu. Mu ma sai da muka sake. Mai iPhone zai samu Scan Documents cikin Notes.

Kafin sa hannu, buɗe fayil ɗin ka faɗaɗa shi da yatsu biyu. In ƙananan lambobi ba su karantu, sake ɗauka.

Sai ka buɗe shi da Adobe Acrobat Reader, zaɓi Fill & Sign, ka juya wayar a kwance, ka zana sa hannunka da yatsa. Ja shi zuwa kan layin, ka rage girmansa. A iPhone, Markup ke wannan aikin.

Amma tambayi mai karɓa tukuna, don wasu ofisoshin sai sa hannun biro suke karɓa.