Lissafin x = g(x): inda ɗalibai suke yawan zamewa da yadda za a gyara

Duk wanda ya yi kwas ɗin lissafin kusanta amsa ya haɗu da wannan hanyar. A ba ka ikweshan da ba ya warwaruwa da hannu, ka juya shi ya koma x = g(x), ka ɗauki wata lamba x0 ka zuba cikin g, abin da ya fito ka sake mayarwa, haka dai har lambobin su daina motsi. Lambar da suka tsaya a kanta, wadda in ka zuba ta cikin g ita ɗin ce dai za ta fito, ita muke nema, bari mu kira ta p. Na jima ina duba aikin ɗalibai a kan wannan, kuma kurakuran kusan iri ɗaya ne kullum, yawancinsu daga tsallake sharaɗin matsewa suke fitowa, mutum ya kama danna kalkuleta kawai yana fatan alheri.

Sharaɗin dai ga shi, shi ne wanda Stefan Banach ɗan ƙasar Foland ya wallafa a 1922. Ka zaɓi zango rufaffe [a, b]. Na farko, duk lambar da ka ɗauko daga zangon ka zuba cikin g, abin da ya fito shi ma yana cikin zangon. Na biyu, akwai wata lamba k ƙasa da 1 wadda |g(x) − g(y)| ≤ k|x − y| ga kowane x da y na zangon, wato g tana matso da lambobi kusa da juna. In g tana da dirabatib, ya wadatar ka nuna |g'(x)| ≤ k a duk faɗin zangon. Waɗannan biyun in sun cika, to akwai p, guda ɗaya ce tak a zangon, kuma daga ko'ina ka fara a ciki za ka isa gare ta.

Toh kuskure na farko kuma mafi yawa shi ne ɗaukar juyin da ya fara zuwa kai. Mu ɗauki x³ − x − 1 = 0, amsarsa tana wajen 1.324718. Abin da ido ke fara gani shi ne a tura x gefe guda a samu x = x³ − 1, ai daidai ne a aljabara, babu wanda zai ce ka yi laifi. Amma fara da 1.5 ka gani: 2.375, sai 12.396, sai wajen 1904, shikenan an tafi. Dalilin kuwa g'(x) = 3x², a kusa da amsar ya kai 5.26, ma'ana duk ɗan kuskuren da kake da shi kowane zagaye ninka shi ake yi fiye da sau biyar. Ko da 1.3247 ka fara, dab da amsar, a hankali za ta kore ka.

Yanzu juya shi ta ɗaya ɓangaren, x = (x + 1)^(1/3). Ikweshan ɗaya, amsa ɗaya, amma hali daban. Daga 1.5 za ka samu 1.357209, 1.330861, 1.325884, 1.324939, 1.324760, kana gani suna kwanciya. Kuma ba sai ka jira ka gani ba, tun kafin ka danna komai za ka iya sani. A zangon [1, 2], g(1) wajen 1.26 ne, g(2) wajen 1.44, kuma g hawa take yi kawai, saboda haka komai yana faɗawa tsakanin 1.26 da 1.44, bai fita ba. Dirabatib ɗin 1/(3(x + 1)^(2/3)) ne, ya fi girma a x = 1 inda yake wajen 0.21. Kenan k = 0.21. Wannan layi biyun su ne aikin gaske, sauran danne-danne ne, kuma abin haushi su ne ɗalibai ke tsallakewa a jarrabawa.

Sai masu duba dirabatib ɗin a wuri ɗaya. Mutum ya ji malam ya ce a duba ko bai kai 1 ba, sai ya zuba x0 kaɗai. Koma kan x³ − 1 ɗin nan ka fara da 0.5, g'(0.5) = 0.75, bai kai 1 ba, sai ya rubuta wai za ta isa. Ga abin da ke fitowa: −0.875, −1.67, −5.66, −182. Sharaɗin bai ce a x0 ba, cewa ya yi a kowane wuri cikin zangon, don lambobinka ba a x0 za su zauna ba, yawo za su yi. Gyaran shi ne ka nemi inda |g'| ya fi girma a zangon gaba ɗaya, ka duba bakin zangon biyu da duk inda ya juya a tsakiya, wannan mafi girman shi ne k ɗinka.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne mantawa da sandunan nan biyu na |g'|. Kana neman √2 sai ka rubuta x = 2/x, dirabatib −2/x² ne, sai wani ya ce ai lamba ce mai alamar ragi, tabbas tana ƙasa da 1. Fara da 1 mana: 2, 1, 2, 1, har gobe. A kan amsar g' = −1 ne cif, girmansa 1 kenan, babu matsewa. Alamar ragi abin da take gaya maka kawai shi ne lambobin za su riƙa tsallake amsar, yau sama gobe ƙasa, girman shi ke yanke hukunci. A nan maganin mai sauƙi ne, ɗauki tsakiyar x da 2/x, wato g(x) = (x + 2/x)/2, daga 1 sai 1.5, 1.41667, 1.414216, zagaye uku ka kusan gamawa.

Sharaɗin zama cikin zango kuwa mutane na raina shi kamar ado ne. g(x) = x/2 + 3 a kan [0, 1] tana da k = 0.5 lafiya lau, amma g(0) = 3, tun zagayen farko ka fice, p ɗinta 6 ce, ba ta zangon kwata-kwata. A wannan misalin ba ka yi asara ba tunda layi ne miƙaƙƙe, amma da g mai lanƙwasa ce, da zarar ka fita ka shiga inda ba ka auna k ba, duk alkawarin da aka yi maka ya warware. Haka ma maganar guda ɗaya tak, cikin zangon ake nufi. x² a kan [0, 0.4] tana matsewa kuma 0 kaɗai gare ta a wurin, amma 1 na can waje ita ma x² ba ta motsa ta.

Yanzu ga wanda na fi so a tsaya a kai, don har masu ƙoƙari yana kama su. Cewa |g'(x)| < 1 a ko'ina daban, samun k guda ɗaya ƙasa da 1 da ta rufe duka daban. Duba g(x) = x + 1/x daga 1 zuwa sama ba iyaka. Dirabatib 1 − 1/x² ne, kullum ƙasa da 1, kuma g ba ta fitar da kai daga yankin. Amma ina p? Sai 1/x ya zama sifili, abin da ba zai taɓa faruwa ba. Matsalar ita ce yadda x ke girma dirabatib ɗin na ta matsawa kusa da 1, duk k da ka zaɓa, ko 0.999 ce, akwai inda zai wuce ta. Lambobin kuma ga su: 1, 2, 2.5, 2.9, 3.245, tazarar da ke tsakaninsu tana ta raguwa kamar masu shirin tsayawa alhali tafiya suke ba ranar isa. A zango rufaffe mai iyaka, in g' ba ta da tsinkewa, wannan ba ya faruwa saboda dole |g'| ya kai ƙololuwarsa a wani wuri kuma ƙololuwar ita ce k. Wahalar tana zuwa ne in zangon ba shi da ƙarshe ko an bar bakinsa a buɗe.

Wannan ya kawo mu kan yaushe ake tsayawa. Kusan kowa abin da yake yi shi ne in tazarar x_n da x_(n−1) ta yi ƙasa da 0.001 sai ya ce amsa ta yi daidai zuwa 0.001. Ba haka ba ne fa. Abin da sharaɗin ya ba ka shi ne

|x_n − p| ≤ k/(1 − k) · |x_n − x_(n−1)|

In k = 0.21 ne, k/(1 − k) wajen 0.27 ne, kuskurenka ma bai kai tazarar ba, kana da gaskiya ko ba ka san dalili ba. Amma gwada g(x) = 0.99x + 0.01, wadda p ɗinta 1 ce. Kana 0.9, zagaye na gaba 0.901, tazara 0.001 kacal, ka rufe littafi, alhali saura 0.099 ka isa, ninki 99 na abin da kake zato. Muddin k ta haura 0.5, tazarar kaɗai tana iya yi maka ƙarya. In ba ka san k ba, lambobin da kansu za su nuna maka ita: raba tazarar yanzu da ta baya. A misalinmu mai kyau tazarar ta tafi 0.026348, 0.004977, 0.000945, rabon yana zama wajen 0.19, wanda shi ne |g'| a kan amsar. Ga yadda nake sa shi a Python:

```python
g = lambda x: (x + 1)**(1/3)
x0 = 1.5; x1 = g(x0)
for n in range(50):
    x2 = g(x1)
    k = abs(x2 - x1) / abs(x1 - x0)
    if k < 1 and k/(1 - k)*abs(x2 - x1) < 1e-6:
        break
    x0, x1 = x1, x2
print(x2, k)
```

Wannan k ɗin kiyasi ce ba hujja ba, amma ta fi dogaro da tazara tsirara nesa ba kusa ba, kuma ka lura na sa iyakar zagaye 50 don kada kwamfuta ta kwana tana juyi in g ɗin ta gudu ce. In kuma tambayar jarrabawa ta ce zagaye nawa ake buƙata, ɗaya dabarar za ka ɗauko, k^n/(1 − k) · |x1 − x0|. Da k = 0.21 da tazarar farko 0.1428, zagaye 8 ya isa kuskuren ya sauka ƙasa da 0.000001.

Wani ƙaramin abu da ke cinye maki a banza: x = cos x. A radiyan amsar 0.739085 ce, a kan [0, 1] kuma k = sin 1, wajen 0.84, shi ya sa take jan ƙafa, sai ka yi zagaye wajen talatin kafin lambobi biyar na bayan ɗigo su zauna. In ka ga taka ta tsaya cak bayan dannawa uku a kan 0.99985, ba sa'a ka yi ba, kalkuletarka tana kan digiri ne, duba saman allon ka mayar da ita RAD ka sake daga farko.