Kurakuran da aka fi yi wajen fassara sikirinshot ɗin hira

A ce mai sayar da atamfa ta turo maka hoton hirarsu da wata kwastoma a WhatsApp, tana so ka mayar da ita Turanci don abokin kasuwancinta da ba ya jin Hausa. Ga abin da ke jiki, duk daga kwastomar:

10:14 Hajiya kin kasheni wlh 😭😭
10:15 bata kai haka ba
13:40 Toh 👍

Kuskure na farko shi ne bin kalma da kalma. Wanda ya rubuta wa Bature cewa Hajiya ta kashe mutum, ga hawaye biyu a gefe, ya mayar da ciniki rigima. Kwastoma tsadar kaya take kuka da ita cikin raha, irin ta waɗanda suka saba. Sunan 😭 kuka ne, amma matasa da yawa sukan sa shi in dariya ta ci ƙarfinsu ko suna zolaya. Sai ka nemo abin da mai Turanci kan faɗa in farashi ya ba shi tsoro yana murmushi. Shi kuwa wlh wallahi ne, kuma a nan ƙarfafa magana yake yi, ba rantsuwar gaban alƙali ba.

Layi na biyu ya fi wayo. Yawancin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, suna kuma haɗe kalmomi, don haka bata na iya zama "ba ta" ko "ɓata". Wannan "ba" ta ƙarshen jimla ce ke nuna korewa ake yi: atamfar ba ta kai wannan kuɗin ba. In hoton ya yanke ƙarshen layi, kada ka yi canke, nemi a sake ɗauko shi cikakke.

Imoji kuwa, bar shi inda yake. Wasu sukan goge shi su rubuta "tana kuka", sun cusa fahimtarsu a bakin mai magana ke nan. In yana buƙatar bayani, yi shi a ƙasa, a fili cewa naka ne. Haka 🙏, wanda kan zama godiya, roƙo ko addu'a, layin da ya gabace shi ne zai gaya maka wanne.

Abin da na fi ganin ana zubarwa shi ne lokaci. Tsakanin 10:15 da 13:40 an yi shiru na sama da awa uku, sannan aka jefo Toh da babban yatsa, ba godiya, ba sai an jima. Wannan ya fi kama da janye jiki. In ka cire agogon ka fassara shi da kalma mai fara'a, abokin kasuwanci zai ɗauka ciniki ya faɗa, ya ware atamfar da wataƙila ba mai zuwa ɗauka. Sa gajeriyar kalma mai sanyi kamar yadda ta zo, da 13:40 a gabanta.