Babi na Bakwai: Takardar Sani

Darasi na ɗaya: labari

Malami ya karanta sau ɗaya, sannan kowa ya karanta da kansa yana bin layi da yatsa. Babu gaggawa.

Sani yaro ne ɗan shekara goma sha huɗu, yana zaune da iyayensa a Aboabo cikin Kumasi. Ranar 19 ga Yuni, wadda ita ce ranar sikila ta duniya, ma'aikatan lafiya suka zo makarantarsu suka ɗibi jinin yaran da iyayensu suka yarda. Bayan kwanaki aka ba kowa takardarsa. Sani ya duba tasa ya ga haruffa biyu: AS. Ya ninke ta ya cusa a aljihu. Da yamma abokansa suka same shi zaune a bakin fili, ko takalmin ƙwallo bai sa ba.

"Kai Sani, yau lafiya? Mai tsaron gida muke jira," in ji Musa.

"Na daina ƙwallo. An ce ina da sikila."

Musa ya karɓi takardar ya juya ta. "To ni dai na tsira, jinina O ne."

Bashir ya zo ya zauna kusa da su. Shi ne wanda yakan yi sati bai zo makaranta ba idan sanyin hunturu ya shigo. Ya duba takardar ya ce, "Musa, O ɗin nan naka rukunin jini ne, na ranar da za a yi maka ƙarin jini. Bai faɗi komai a kan sikila ba. Kai kuma Sani, ka taɓa kwana kana ihu saboda ƙashi yana sara kamar ana buga maka guduma?"

"A'a."

"Idonka ya taɓa yin rawaya?"

"A'a."

"To ba ka da ciwon. Ɗauke da shi kake. Ni SC ne, ni ne mai ciwon. Nas ɗinmu ta ce harafi ɗaya daga uba yake zuwa, ɗaya daga uwa. Kai ka samu A guda, shi yake riƙe ka."

Sani ya yi shiru, can ya ce, "To wa ya ba ni S, Baba ko Mma?"

"Sai an gwada su. Kuma wanda ya ba ka ɗin bai zaɓa ba, shi ma gado ya yi."

Musa ya jefo masa safar hannu. Sani ya tashi ya shiga raga, amma a ransa yana ta juya maganar yayarsa Hadiza, wadda aka sa ranar aurenta bayan babbar salla.

Darasi na biyu: karanta takardar

Ga irin abin da aka buga a takardar Sani. Da Turanci ake bugawa, don haka ku haddace kamannin kalmomin:

```
Sickling test: Positive
Hb electrophoresis: AS
```

Layi biyu ne, gwaji biyu ne daban. Na sama yana cewa "fozitif" ko "negetif" kawai. Fozitif na nufin akwai S a jinin, amma bai faɗa ko ɗaya ne ko biyu ba. Na ƙasa shi ne mai haruffa biyu, kuma shi muke nema. Shi ake ce wa jinotayif.

A shi ne jinin da aka saba. S shi ne wanda yake sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi yake zuwa, wanda kakanninmu suke kira amosanin jini. Lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kwana kamar 120, mai lanƙwasa kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jinin mai sikila yake yawan ƙaranci. Sai harafi na uku, C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, inda kakannin da yawa daga cikinmu mutanen zango suka fito.

A nan ku tsaya. A karatun Hausa mun koyi C a "cinya" da "cokali". A asibiti kuwa "si" suke kiransa, S kuma "es". Na sha ganin ɗalibi ya ji an ce "si" ya rubuta S. Ba laifinku ba ne, kunne ne ya ja ku. Ku rubuta S sau biyar kuna cewa "es", ku rubuta C sau biyar kuna cewa "si".

AA ba ya ɗauke da komai. AS yana ɗauke da S, AC yana ɗauke da C, amma ba su da ciwon. SS da SC su ne masu ciwon sikila. Kuma ku lura da wannan sosai: gwajin sama ba ya ganin C. Mutum yana iya riƙe takarda mai cewa negetif alhali shi AC ne. Idan ya auri AS, suna iya haifar SC kamar Bashir. Saboda haka in aka ce muku negetif, ku tambaya: "Ina haruffana biyu?"

Darasi na uku: marfin kwalba

Wannan ne darasin da na fi so ku daɗe a kansa. Ku nemo marfin kwalbar lemo huɗu da ƙwarya biyu. Ƙwarya ɗaya uba ce, ɗaya uwa. Mu ɗauka Hadiza AS ce kamar ƙanenta, saurayinta ma AS. A ƙwaryar uba ku sa marfi biyu, ɗaya an rubuta A a cikinsa, ɗaya S. A ƙwaryar uwa ma haka.

Ku rufe ido. Ku ɗauko marfi ɗaya daga ƙwaryar uba, ɗaya daga ta uwa. Ku buɗe ido ku rubuta haruffan biyu a littafi. Wannan ciki ɗaya ke nan, ɗa ɗaya.

Yanzu ku mayar da kowane marfi ƙwaryarsa.

Zan sake faɗa, domin nan ne kusan kowa yake tuntuɓe: ku mayar da marfin. Uba bai rabu da S ɗinsa ba don ya ba ɗan fari. Yana nan a jikinsa, zai iya ba na biyu, zai iya ba na uku. Uwa ma haka. Kafin kowane ɗauka, ku leƙa ku tabbatar marfi biyu ne a kowace ƙwarya. Biyu nan, biyu can. Ku girgiza, sannan ku ɗauka.

Hanyoyi huɗu ne kawai abin zai iya fitowa. A na uba da A na uwa, AA. A na uba da S na uwa, AS. S na uba da A na uwa, shi ma AS. S da S, SS. Hanya ɗaya cikin huɗu ce take ba da SS, shi ne abin da ma'aikatan lafiya suke nufi da "ɗaya cikin huɗu", wato kashi 25 cikin 100.

Ku yi ɗauka ashirin, kuna rubutawa, kuna mayarwa. Wani zai samu SS sau biyar, wani sau uku, wani sau takwas. Duk daidai ne. In hannunku ya manta sau ɗaya, ba komai, ku goge ku sake. Kowa da haka ya fara.

Wata baiwar Allah a ajinmu ta ɗauko SS sau uku a jere. Ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Malam, ashe haka abin yake. 'Yar uwata uku ta haifa, duka masu ciwon, dangin miji suna cewa ita ce ta kawo musu." Na ce, "Hajiya, duba hannunki. Daga ƙwarya nawa kika ɗauko?" Ta ce biyu. Ba a samun SS daga ƙwarya ɗaya. Dole uba ya ba da S, uwa ta ba da S.

Amma fa akwai abin da ya fara isata. Bayan duk wannan, sai in ji babban mutum mai gemu yana cewa, "Ai mun riga mun haifi mai sikilan, sauran ukun lafiya za su zo." Ina ka samo wannan? Ciki ba layin famfo ba ne da za a ce an sallami ɗaya saura uku. Mai faɗin haka shi ne wanda ya ɓoye marfi a tafin hannu bai mayar ba, kuma na gan ku, wasunku don ku gama da wuri kuke yi. Ba don ni kuke wannan aikin ba. Kowane ciki sabon ɗauka ne, da marfi biyu nan, biyu can. Wanda bai cika ashirin ɗinsa ba kada ya wuce shafin nan.

Darasi na huɗu: canza haruffa

Ku goge S na ƙwaryar uba ku rubuta C. Uba AC, uwa AS. Hanyoyin huɗu su ne AA, AS, AC da SC. Har yanzu ɗaya cikin huɗu mai ciwo ne. Ku yi ɗauka goma, kuna mayarwa.

Sannan ku gwada uba AA, uwa SS. Ko sau nawa kuka ɗauka AS za ku samu, babu mai ciwo ko ɗaya. Ke nan mai sikila ma yana da wanda zai aura.

Darasi na biyar: zuwa gwaji

Ku ce a yi muku gwajin jinotayif mai haruffa biyu. Idan an yi muku ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, ku faɗa, domin jinin wani yana iya rikita sakamakon. Jarirai ma ana gwada su da ɗigon jini daga dunduniya. A nan Kumasi, a asibitin Komfo Anokye, aka fara wannan a Gana a 1995. Jaririn da aka gano da wuri ana fara ba shi maganin fenisilin don kare shi daga cututtuka masu tsanani. Mai AS kamar Sani yana iya ƙwallonsa, ya dai riƙa shan ruwa sosai, ya huta in ya galabaita cikin zafin rana.

Darasi na shida: aikin gida

Ku amsa a rubuce. Me ya sa O ɗin Musa bai amsa tambayar ba? Me Sani zai ce wa Hadiza kafin salla? Wanda yake da takardar gwaji a gida ya zo da ita ranar Asabar, tare da marfinsa huɗu.