Yadda ake gano ribar kowane hannun jari da tsadarsa daga rahoton shekara

Idan rahoton shekara na kamfanin da ka sa wa kuɗi ya shigo hannunka, tsallake hotunan daraktoci da jawabin shugaba, ka wuce kai tsaye shafin riba da asara. A rahotannin kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Legas, wato NGX, za ka ga an rubuta masa "Statement of profit or loss". Can ƙasan shafin akwai layin "Earnings per share", ko EPS a taƙaice. Shi ne rabon ribar shekara da ya faɗo kan hannun jari guda ɗaya.

Abu na farko, duba ko da naira aka rubuta ko da kwabo. Kamfanoni da yawa a Najeriya da kwabo suke rubutawa, sai mutum ya ga 300 ya ɗauka naira ɗari uku ce, alhali naira 3 ce kacal.

Daga nan sai ka yi lissafin da kanka. Mu ƙaddara wani kamfani ya ci ribar naira biliyan 13 bayan haraji. Kada ka yi gaggawar ɗaukar wannan adadi. Idan kamfanin yana da ƙananan kamfanoni a ƙarƙashinsa waɗanda wasu ke da kaso a ciki, wani ɓangare na ribar nasu ne. Layin da ya shafe ka shi ne na ribar masu hannun jarin uwar kamfani, galibi "attributable to owners of the parent". A ce biliyan 12 ce, hannayen jari kuma biliyan 4. Raba 12 da 4, ka samu naira 3.

Yanzu nemo farashin hannun jarin na yau, ba na ranar da aka buga rahoton ba. A ce naira 24 ne. Raba farashin da EPS, ka samu ma'aunin tsadar hannun jarin, wanda ake kira P/E.

```
P/E = farashi ÷ EPS = 24 ÷ 3 = 8
```

Ma'ana kana biyan naira 8 don sayen ribar naira 1 ta shekara. Kamar mai sayen shagon haya ne da ke tambayar shekara nawa kuɗin haya zai mayar masa da uwar kuɗinsa. Sai dai a nan ba duk ribar ke zuwa aljihunka ba. Kamfani kan raba wani abu, ya riƙe saura.

A nan yawancin mutane ke tsayawa, kuma a nan aikin yake farawa. Koma bayanan da ke biye da lissafin, ka binciki inda ribar ta fito. A ce cikin biliyan 12 ɗin nan, biliyan 4 daga sayar da wani fili aka same su. Fili sau ɗaya ake sayar da shi. Ribar sana'a ta gaskiya biliyan 8 ce, kowane hannun jari naira 2, tsadar kuma ta tashi daga 8 zuwa 12. An ga irin haka a 2023, bayan an saki farashin naira a watan Yuni: manyan bankuna masu ajiyar dala sun nuna riba mai ɗimbin yawa daga faɗuwar naira, har Babban Bankin Najeriya ya hana su raba irin wannan riba ga masu hannun jari. A shekarar ce kuma MTN Najeriya da Nestlé Najeriya suka yi asara saboda nauyin dala da ke kansu. Inda aka yi asara babu P/E da za a lissafa, kada ka wahalar da kanka.

Saura yawan hannayen jarin. Rahoto yana amfani da matsakaicin adadin shekara ne, saboda haka sababbin da aka fitar dab da ƙarshen shekara ba sa bayyana sosai. Idan kamfaninmu ya ƙara hannayen jari biliyan 2 a watan Disamba, baɗi hannaye biliyan 6 ne, a ce, za su zauna kan tuwon da biliyan 4 suka ci bana. Ribar biliyan 8 a raba da 6, kusan naira 1 da kwabo 33 ke nan, P/E ya zama 18. Sabon kuɗin da ya shigo yana iya ƙara riba, amma sai an gani. Masu hannun jarin banki su fi kowa lura da wannan, tunda a Maris 2024 aka umarci bankuna su ƙara jarinsu, da yawa kuma suka fitar da sababbin hannaye.

Kafin ka ce 18 tsada ce ko araha, gwada ta da ta kamfani mai sana'a iri ɗaya: siminti da siminti, banki da banki. Sannan ka buɗe taƙaitaccen lissafin shekara biyar da ke ƙarshen rahoton. Ni dai idan na ga EPS ya yi tsalle a shekara guda bayan huɗu yana jan ƙafa, da matsakaicin biyar ɗin nake raba farashi.