Gyaran rafta da silin da ya lotsa ba tare da yaye kwano ba: inda aka fi yin kuskure

Tsofaffin gidajen kwano da ke unguwanninmu, waɗanda iyaye suka gina shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, yawancinsu kwanon yana da sauran ƙarfi, katakon da ke ƙarƙashinsa ne ya gaji. Ana iya gyara shi daga ciki, iyali ba su tashi ba, kwano bai sauka ba. Amma na sha ganin an biya kuɗin wannan aiki sau biyu, kuma kusan kullum kuskuren iri ɗaya ne.

Na farko shi ne a canza katako a bar abin da ya cinye shi. Katako ba ya ruɓewa haka kawai, ko ruwa ne ke zama a kansa ko gara ta shiga. Kafin a sayi komai, a ɓalle allon silin ɗaya, a kashe wutar gidan daga mita, a leƙa da rana tsaka. Duk inda haske ya ratso kwano, nan ruwa ke bi: ramin ƙusar da ta yi tsatsa, ko mahaɗar kwano biyu da ta buɗe, ko wurin da kwano ya jingina da bango. A tuna ruwa yana bin jikin katako ya gangara, don haka tabon da ke silin sau da yawa yana ƙasa da ainihin inda yake yoyon. Ita kuwa gara tana barin hanyarta ta ƙasa a jikin bango, sai a bi ta har gindi a zuba magani a can.

Sai kuma yarda da ido. Gara tana cinye ciki ta bar fatar katako lafiya lau. A ɗauki sukundireba a riƙa soka shi taki bayan taki. Mai lafiya yana turjewa, ruɓaɓɓe kuwa ƙarfen nutsewa yake kamar a kabewa. Inda ya daina nutsewa a sa alli, nan ce iyakar ɓarnar.

Bari in kawo aikin wani ɗaki mai faɗin ƙafa 12, tsawon ƙafa 14, wanda silinsa ya yi ciki kusan inci 2 a gefe ɗaya. Da muka leƙa, rafta uku masu kaurin inci 2 da 6 sun ruɓe daga inda suka hau bango zuwa ƙafa ɗaya da rabi, katakon da ke kwance a kan bangon shi ma ya zama gari. Kafintan da aka fara kira ya ɗauko zarto zai yanke. Na ce masa, "Malam, dakata, wa zai riƙe nauyin in ka yanke?" Wannan shi ne kuskuren da ke iya cin rai. Ba a yanka komai sai an tokare. Mun shimfiɗa katako mai kauri a daɓe don kada matokari ya huda siminti, muka kafa matokarai biyu, muka gicciya katako ɗaya a samansu ya tallabi raftocin uku a wurin da suke da lafiya, sannan muka matse da 'yan gutsattsarin katako har nauyin ya koma kansu. Matokari a jikin katakon rufi yake tsayawa, allon silin ba ya ɗaukar komai.

Akwai kuma katakon da ke miƙe daga bango zuwa bango yana ɗaure ƙafafun rafta biyu. Mutane suna ɗaukarsa a matsayin marataya silin kawai, alhali shi ke hana rufin ture bangaye waje. In shi ya ruɓe, a ɗaura sabo a gefensa a ɗaure tukuna, kafin a taɓa tsohon.

A wurin ɗagawa ake yin gaggawa. Katakon da ya shekara goma yana lanƙwashewa ba zai miƙe da yamma ɗaya ba. In aka sa jak ɗin mota aka buga da ƙarfi, ƙusoshin kwano suna ɓarka ramukansu, yaɓen bango ya tsage, a gyara yoyo ɗaya a haifi biyar. Mu mun riƙa ɗagawa 'yan milimita kaɗan kowace rana, muna ƙara matsi a matokarai, muna auna da zaren da muka ja daga bango zuwa bango. Ba mu nemi tsohon ya miƙe sarai ba. Ragowar lanƙwasar mun cike ta da siraran katako a ƙarƙashi lokacin buga silin, ɗakin ya fito daidai.

Yanzu sai ƙara sabon katako a jikin tsohon, kuma nan ne na fi ganin ha'inci. A ɗauko guntun katako na ƙafa 2, a manna a kan ruɓar, a buga ƙusa huɗu, a rufe silin. Ƙusa a ruɓaɓɓen katako ba ta riƙe komai. Sabon katako dole kaurinsa ya kai na tsohon, ya zauna daram a kan bango, ya kuma wuce alamar allin sosai ya rungumi lafiyayyen wuri. Mun yanka namu ƙafa 6, wato ƙafa 12 ɗaya ya ba da biyu: ƙafa ɗaya da rabi ta maye gurbin ruɓar, huɗu da rabi suka kwanta a jikin mai lafiya. Muka huda muka ɗaure da ƙarfe mai noti na milimita 12 guda huɗu, da faffaɗar wosha a kowane gefe, ramukan kuma ɗaya sama ɗaya ƙasa don kada layinsu ya tsaga katakon. In ruɓar tana tsakiyar rafta, ko ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, ni na fi son a sa cikakken katako daga bango har ƙololuwa. Ruɓaɓɓen ɓangaren kuma a yanke shi a fitar a ƙone, kada a bar shi manne da sabo.

Katakon kan bango mun canza ƙafa 5 daga cikinsa, muka mayar da langalangar da ta ɗaure shi da ginin. Kada a manta da ita, domin iskar farkon damina daga ƙasa take cicciɓar kwano.

A kasuwa a guji ɗanyen katako, nauyinsa da danshin da ke bakin yanka suna tona shi. Yana bushewa ya murɗe, notocin su saki. A shafa maganin gara kafin a ɗaga shi sama, musamman bakin da aka yanka da ramukan da aka huda. Baƙin mai da aka saba shafawa bai kai maganin ba. In silin na asbesto ne, a jiƙa shi, a cire shi ɗungurungum, a rufe hanci da baki, kada a fasa ko a sa masa zarto, ƙurarsa tana illata huhu.

Wannan dabara tana da iyaka. In ƙololuwar rufin ta lotsa ana gani daga titi, ko bango ya tsage ya karkata waje, ko sukundireba ta nutse a rabin raftocin, a kira injiniyan gini, wataƙila kwanon sai ya sauka. In kuwa gyaran ya yiwu, a yi shi da rani, a bar allon silin ɗaya a buɗe har ruwan farko ya sauka, a hau da tocila a shafa sabon katakon da hannu a ji ko ya jiƙe, a ƙara matse notocin, sannan a rufe.