Dauru da musadara: kurakuran da aka fi yi wajen kafa hujja

Shekarun da na yi ina gyaran takardun falsafa na ƴan ajin ƙarshe na sakandare a nan Tawa sun sa na gaji da ganin kuskure ɗaya yana dawowa duk shekara, kuma ba a makaranta kaɗai ba, har a zauren sulhu da wurin hira. Ɗalibi ya kawo hujja wadda ƙirarta ba ta da aibi, sai ya yi mamakin yadda abokin gardamarsa bai ko gezau ba. Wani kuma da zarar hujja ta gagare shi sai ya ce zagaye take yi, alhali bai nuna inda ta zagaya ba. Tushen abin shi ne an haɗa abubuwa biyu da malaman manɗiƙi, ilimin auna hujja, suka ba wa suna daban-daban, wato dauru da musadara.

Dauru shi ne a jingina magana ta farko a kan ta biyu, sannan a jingina ta biyun a kan ta farko. Ana tambayar amanar wani ɗan kamasho a kasuwa, aka ce amintacce ne domin abokinsa ya shaide shi. Da aka tambayi amanar abokin, sai aka ce ai ɗan kamashon ya shaide shi. Wannan aibi ne na ƙirar hujja, ana iya ganinsa a kan takarda ko da babu mai sauraro. Wani lokaci zagayen yakan yi faɗi, ya bi ta magana huɗu ko biyar kafin ya dawo, shi ya sa yake ɓoyuwa. Sanannen misalinsa a darasinmu shi ne sukar da Antoine Arnauld ya yi wa masanin falsafar Faransa Descartes a 1641: Descartes ya ce abin da hankali ya gani sarai gaskiya ne domin Allah ba ya yaudara, amma hujjarsa ta samuwar Allah ta dogara ne ga abin da hankali ya gani sarai. Arnauld malamin addini ne, bai musa natijar ba, wato abin da hujjar ta kai gare shi, hanyar da aka bi ya soka. Ɗaliban da ke zaton rushewar hujja tana nufin natijarta ƙarya ce su riƙe wannan.

Musadara kuwa wani abu ne daban, kuma ita ce ta taɓa ja mini hasara. Asalinta yana cikin salon muhawarar da masanin falsafar Girka Aristotal ya bayyana a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, inda mai tambaya yake neman abokin gardama ya amince masa da muƙaddimomi, wato maganganun da ake gina hujja a kansu, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ciro natija daga cikinsu. Idan a cikin abin da ya nema a amince masa har da ainihin abin da ake gardama a kai, to ya yi musadara. Ba dole ne natijar ta fito da lafazinta ba. Aristotal ya lissafa hanyoyi 5 da ake yin haka, daga ciki akwai a sauya wa abin suna, akwai kuma a nemi a amince da magana ta gaba ɗaya wadda abin da ake gardamar yana ƙunshe a cikinta. Saboda haka ba a gane musadara da duban takarda kawai, sai an san wa ake wa magana da abin da ya riga ya yarda da shi.

Bayan rasuwar mahaifina, gardama ta tashi tsakaninmu da wasu dangi a kan wata gona a ƙauyenmu na Adar, kuma ƴan gidanmu suka sa ni gaba domin ni ne mai karatu. Na shirya hujjata a tsanake: duk wanda ya gaji gona daga ubansa shi ne mai ita, mun gaji gonar nan daga ubanmu, saboda haka gonar tamu ce. Na duba ta, na sake dubawa, babu inda natija ta bayyana cikin muƙaddima, babu zagaye, kuma duk wanda ya yarda da jimlolin farko biyu dole ya yarda da ta uku. Da na gama magana a gaban mai gari, dattijon da ke ɗaya ɓangaren, wanda nake kira kawu, ya gyara zama ya ce: “Ɗana, kana ta cewa kun gada. Mu kuwa cewa muka yi aro aka ba kakanka. Ana gadon abin aro ne?” Zauren ya yi tsit. Kalmar gado tana ɗauke da cewa gonar mallakar mahaifina ce, kuma wannan shi ne ainihin abin da suka zo musawa. Na ɗauko abin da ya kamata in tabbatar na sa shi cikin kalma ɗaya, na miƙa musu su amince. Aka ɗage zaman, damina ta wuce ba wanda ya noma gonar, kuma ƴan'uwana da suka dogara gare ni suka rasa hatsin shekara guda. Har yau abin yana ci mini rai, domin da na yi wa kaina tambaya ɗaya a daren da nake shiri, da ban je da wannan hujja ba.

Tambayar ita ce wadda nake tilasta wa ɗalibaina yanzu, kuma al'adata ce, ba ƙa'idar da kowa ke bi ba. Ka rubuta natijarka a ƙasan takarda, ka rubuta kowace muƙaddima a layinta, sannan a gaban kowace ka tambaya: mutumin da ya musa natijar nan, yana da dalilin yarda da wannan layin wanda bai biyo ta natijar ba? Inda amsar ta zama a'a, nan aikinka yake. A zama na biyu abin da muka kawo ke nan. Su da kansu sun yarda cewa a al'adar garin mai aron gona yakan kai wa mai ita damin hatsi bayan girbi, kuma ba ya gina rijiya a cikinta sai da izini. Muka nemi dattawan da gonakinsu ke iyaka da tamu su faɗi ko sun taɓa ganin an kai dami, da kuma wanda ya gina rijiyar. Waɗannan muƙaddimomi ne da kawun zai iya amincewa da su ko ya ƙaryata su ba tare da ya fara sallama gonar ba. Ko da shaidar ta juya a kanmu, a lokacin ne aka fara gardama ta gaskiya.

Wallahi ina jin takaici idan na ga ɗalibi ya rubuta “tun da hujjar ingantacciya ce, dole a yarda da ita”. Wa ya gaya maka haka? Ingancin ƙira alkawari ɗaya kawai yake yi: idan muƙaddimomi gaskiya ne, natija ba za ta zama ƙarya ba. Bai ce muƙaddimomin gaskiya ne ba, balle ya ce mai sauraro ya san gaskiya ne. Hujjar da ta ce “gonar tamu ce, saboda haka gonar tamu ce” ta cika sharaɗin inganci ɗari bisa ɗari, domin ba yadda za a yi farkonta ya zama gaskiya ƙarshenta ya zama ƙarya, amma ba ta ƙara wa kowa sanin komai ba. Kuma ingantacciyar hujja tana tafiya gaba da baya. Mutumin da yaƙininsa na cewa natijarka ƙarya ce ya fi ƙarfin yardarsa da muƙaddimarka yana da cikakken haƙƙi a manɗiƙi ya ce, tun da ƙirar ta inganta kuma natijar ƙarya ce, to ɗaya daga cikin muƙaddimominka ƙarya ce. Abin da kawun ya yi ke nan, kuma ba taurin kai ba ne.

Akwai kuskure kishiyar wannan, wanda ɗalibai masu kaifin basira ke faɗawa. Sukan lura cewa a kowace ingantacciyar hujja natija tana ƙunshe cikin muƙaddimomi, sai su yanke cewa duk ƙiyasi, wato ciro natija daga muƙaddimomi, musadara ne. Masanin falsafar Ingila John Stuart Mill ya tayar da wannan magana a 1843, don haka ba ƙaramar tambaya ba ce. Amsar da nake bayarwa ita ce a duba ta ina aka san muƙaddimar. A ce babbar mota ta tsaya a tasha, na ce duk albasar da ke cikinta ta Galmi ce, buhun nan daga cikinta aka sauke shi, saboda haka albasarsa ta Galmi ce. Idan na san jimlar farko domin ina tsaye aka yi lodin motar a Galmi, to natijar ta ba mai saye sanin da ba shi da shi game da buhun da bai buɗe ba. Idan kuwa ba ni da wata hanyar sanin jimlar farko sai ta tabbatar da asalin kowane buhu, har da wannan da ake gardama a kai, to na yi musadara. Lafazin hujjar bai sauya ko harafi ɗaya ba tsakanin halayen biyu.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Ma'anoni biyu da ba a fahimtar ɗaya sai da ɗayan, kamar uba da ɗa, ba dauru ne mai aibi ba, domin tare ake saninsu, babu wanda aka ce ya riga wani. Maimaita natija a ƙarshen rubutu bayan an kawo dalilai shi ma ba zagaye ba ne. Kalmomi irin su ɓarawo, mai ƙwace da azzalumi, idan aka sa su a jimlar farko kafin a tabbatar da laifin, musadara ce a gajarce, kuma nakan ja musu layi da jan biro in sa ɗalibi ya maye gurbinsu da abin da aka ga mutumin ya aikata.

Wanda kuma zai zargi abokin gardamarsa, ya fayyace zarginsa. In dauru yake nufi, ya nuna maganganun biyu da yadda kowace ta jingina da ƴar'uwarta. In musadara ce, ya ɗora yatsa a kan muƙaddimar, ya ce wannan ban yarda da ita ba, kuma ba zan iya yarda da ita ba sai na riga na yarda da natijarka. Ɗalibin da ya rubuta mini “wannan hujja zagaye take yi” ba tare da ɗayan biyun ba, nakan mayar masa da takardarsa ya nemo layin.